Yadda ake fitar da takardar tambayoyin da aka fi yi daga rubutaccen zaman tambaya da amsa

An yi zama, mutane sun yi tambayoyi, an ba su amsa, an naɗi muryoyi, wani kuma ya zauna ya mayar da abin da aka naɗa rubutu. Yanzu an miƙo maka wannan rubutu an ce ka fitar da takarda guda wadda duk mai neman bayani zai duba ya sami amsarsa, ko ya halarci zaman ko bai halarta ba. Mutane da yawa suna ɗaukar aikin a matsayin taƙaitawa, su bi rubutun daga sama zuwa ƙasa suna yanke surutu. Wannan hanyar ce ke haifar da takarda mai kyan gani amma ɗauke da amsoshin da ba daidai ba, domin a zaman baki da baki amsa ba ta cika zuwa a dunƙule a wuri ɗaya ba. Ana fara ta a nan, a ƙara mata sharaɗi a can, wani lokaci a gyara ta gab da tashi. Aikinka shi ne ka bi sawun kowace amsa har inda ta tsaya, sannan ka rubuta ta.

Domin bayanin ya zauna da kyau, za mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. A ce wata ma'aikata ta sauya tsarin neman hutun shekara, aka tara ma'aikata na tsawon minti 70, shugabar sashen kula da ma'aikata da mataimakinta suka amsa tambayoyi. Rubutun wannan zama ne a gabanmu.

Abin da za ka tanada kafin ka fara

Ka nemi muryar da aka naɗa, kada ka yarda a ba ka rubutun kaɗai. Rubutun jagora ne, muryar ita ce hujja. Ka kuma tabbatar rubutun yana da alamun lokaci, wato lambobin da ke nuna minti da daƙiƙar da aka faɗi kowace magana. Idan babu su, ka kunna muryar ka sa alama a farkon kowace tambaya. Aiki ne mai cin lokaci, amma idan ka tsallake shi, duk lokacin da shakka ta taso sai ka saurari zaman gaba ɗaya don neman jimla guda.

Ka ajiye asalin rubutun a gefe ba tare da ka taɓa shi ba, ka yi aiki a kan kwafi. Sannan ka tambayi wanda ya ba ka aikin abu biyu: su wane ne za su karanta takardar, kuma wa zai amince da amsoshin kafin a raba ta. Idan babu mai amincewa, ka nemi a ware shi tun yanzu, domin za ka buƙace shi a gaba.

Daga nan ka karanta rubutun sau ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba tare da ka yi alama ko ɗaya ba. Maganar awa ɗaya tana iya kai kalmomi dubu takwas ko sama da haka a rubuce, saboda haka karatun zai ɗauke ka lokaci. Ka daure. Wannan karatun ne zai sa idan ka dawo minti na 14, ka riga ka san cewa abin da aka faɗa a nan an sake taɓa shi gab da tashi.

Tsamo tambayoyi ɗaya bayan ɗaya

Ka buɗe jadawali a Excel ko Google Sheets ko LibreOffice Calc, ko ka ja layuka a takarda idan ka fi sakewa da biro. Ka raba shi gida biyar: lokacin tambaya, tambayar yadda aka yi ta, jigonta, lokutan da aka ba da amsa, da matsayin amsar. A wannan mataki gida biyu na farko kawai za ka cike. Kowace tambaya layinta daban, kuma ka kwafo ta da kalmomin mai ita, ko da ta zo a hargitse.

Abin da ke ba da wahala a nan shi ne, mutum ɗaya ba ya yin tambaya ɗaya. Idan ya samu lasifika sai ya zazzage duk abin da ke ransa. Ga yadda irin wannan take fitowa a rubutu, a minti 13 da daƙiƙa 50:

"Ranki ya daɗe, ni abin da nake so in sani, wato bara ban samu na cinye hutuna ba saboda aiki, to yanzu da wannan sabon tsarin shi ke nan ya tafi ke nan? Sannan fom ɗin nan, a ina ma ake samunsa, kuma dole sai oga ya sa hannu ko kai tsaye zan kawo muku?"

Tambaya uku ce a nan: makomar ragowar hutu, inda ake samun fom, da wanda ke sa hannu. Ka ba kowacce layinta, duka da alamar lokaci ɗaya. Dalilin rarrabawar shi ne, mai amsawa sau da yawa yakan kama ta farko ko ta ƙarshe ya manta da ta tsakiya. Idan ka bar su a dunƙule, za ka ɗauka an amsa duka, alhali batun inda ake samun fom ya bi iska.

Akwai kuma tambayar da ba ta zo da siffar tambaya ba. Wani zai tashi ya ce, "Mu masu aikin dare kullum mu ake mantawa." Ƙorafi ne a fili, amma a cikinsa akwai tambaya: yaya ake lissafa hutun masu aikin dare? Idan aka ba shi amsa mai ɗauke da bayani, to layinsa ya shiga jadawali. Saboda haka neman alamar tambaya da Ctrl+F ba zai wadatar da kai ba. Zai taimaka wajen dubawa ta biyu, amma ido da kunne ne ke gano irin waɗannan. Haka nan ka lura da tambayar bibiya, wadda ake jefowa daga cikin jama'a bayan an gama amsa, kamar "ko da ma'aikacin wucin gadi ne?" Irin wannan takan fito a rubutu a gajarce, ko a rubuta "ba a ji ba" domin mai maganar yana nesa da lasifika. Ka koma ga muryar ka ƙara sauti. Idan har yanzu ba ta fita, amsar da aka bayar za ta nuna maka abin da aka tambaya, sai ka rubuta shi tare da alamar cewa daga amsa ka gano shi.

A misalinmu, a ce bayan wannan rarrabawa layuka 41 suka fito.

Haɗa masu kama da juna, da zaɓen waɗanda za su shiga

Yanzu ka cike gida na uku. Ka ba kowane layi jigo na kalma biyu ko uku: ragowar hutu, sa hannu, raba hutu, ranakun hutun ƙasa, wa'adin nema, da sauransu. Ka riƙa rubuta jigon iri ɗaya kowane lokaci, harafi da harafi, in ba haka ba lissafin zai watse. Idan jigon yana gida na uku, wato C, wannan zai ƙirga maka sau nawa ya fito:

```
=COUNTIF(C:C,"ragowar hutu")
```

Daga nan ka jera layukan bisa jigo, masu kama da juna su zauna kusa da juna. Ma'aunin haɗa tambaya biyu ba kamannin kalmominsu ba ne. Ma'aunin shi ne: amsa ɗaya za ta gamsar da su duka? "Hutun bara ya tafi ke nan?" da "Zan iya tara hutun shekara biyu in ɗauka a tare?" ba su yi kama a kunne ba, amma ƙa'ida ɗaya ce ke amsa su, don haka jigonsu ɗaya. A ɗaya ɓangaren, "Wa zai sa hannu a fom ɗina?" da "Wa zai sa hannu idan shugabana yana hutu?" kusan kalmominsu ɗaya, amma amsar ta biyu daban ce. Ko ka ba ta jigonta, ko ka tabbatar amsarta ta shiga ƙarƙashin ta farko a fili.

A ce layukan nan 41 sun koma jigo 14. Ragowar hutu ya fito sau 6, wa'adin nema sau 5, wasu kuma sau ɗaya tak. A nan ake yawan yin kuskure, a ce tunda sunan takardar tambayoyin da aka fi yi, to duk wadda ta fito sau ɗaya a watsar. Ni ban yarda da haka ba. A zama guda, idan mutum ɗaya ya yi tambaya aka amsa ta da kyau, sauran masu irin ta sai su sauke hannu. Fitowarta sau ɗaya na iya nufin an gamsu ne tun a karon farko. Wadda aka maimaita sau shida kuwa, sau da yawa alama ce ta cewa amsar farko ba ta fita ba. Wannan ma bayani ne mai amfani, domin yana nuna maka inda za ka fi sa ido. Amma wajen zaɓe, ka haɗa da tambayar kanka: wanda bai zo zaman ba zai iya yin wannan tambayar? Kuma idan ya fahimci abin a karkace, me zai rasa? Tambayar da kuskurenta zai sa mutum ya yi asarar kwanakin hutunsa tana shiga ko sau ɗaya aka yi ta. Wadda ta shafi zaman kansa, kamar ko za a sake irin wannan taro, ba ta da gurbi.

Tambayoyin da suka shafi mutum shi kaɗai suna bukatar kulawa ta daban. A ce wata ma'aikaciya ta yi bayanin rashin lafiyar mahaifinta da yadda take kai shi asibiti, sannan ta tambaya ko za ta iya ɗaukar hutunta kwana biyu-biyu. Labarin nata ne, ba ya shiga takarda. Abin da ke shiga shi ne: "Zan iya raba hutuna kashi-kashi?" Cire suna kaɗai ba ya isa. Idan ka bar sunan sashenta ko ciwon mahaifinta, duk wanda ke ma'aikatar zai gane ta. Ta yi magana a ɗaki a gaban abokan aiki, ba ta ba da izinin a buga halin gidansu a takardar da za ta yi ta yawo ba.

Bin sawun amsa

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ya kamata mafi yawan lokacinka ya tafi. Ga kowane jigo, ka nemo duk wuraren da aka taɓa shi a zaman, ba amsar da ta biyo bayan tambayar kaɗai ba. Ka yi amfani da Ctrl+F ka nemi kalmomin jigon da danginsu. Ga ragowar hutu, ka nemi "ragowa", "saura", "bara", "baɗi", "ɗage". Ka kuma nemi kalmomin da mutane ke gyara magana da su: "in gyara", "na manta", "sai dai", "amma fa", "ina nufin", "kamar yadda na ce ɗazu". Duk inda ɗaya daga cikinsu ta fito, ka tsaya ka karanta abin da ke gabanta da bayanta.

Ga abin da binciken ya fitar a misalinmu. A minti 14 da daƙiƙa 32, shugabar ta ce: "A'a bai tafi ba, Malam, ana iya ɗage shi zuwa shekara mai zuwa, kada ka damu." A minti 38 da daƙiƙa 10, da wani ya tambaya ko zai iya tara hutun shekara biyu, mataimakin ya ce: "Ai ba duka ake ɗagewa ba, kwana biyar ne iyaka." Sannan a awa 1 da minti 2, ana shirin tashi, shugabar ta ce: "Bari in gyara wani abu a kan ɗage hutun nan. Kwana biyar ɗin sai an cinye su kafin ƙarshen Maris, kuma sai shugaban sashenka ya sa hannu tun kafin Disamba ya ƙare."

Wanda ya bi rubutun daga sama yana taƙaitawa zai rubuta "Eh, ana iya ɗage ragowar hutu zuwa shekara mai zuwa", ya wuce. Bai ƙirƙiri komai ba, kalmomin shugabar ne. Amma ma'aikacin da ya karanta wannan ya ajiye kwana goma sha biyu zai wayi gari ya tarar bakwai sun tafi, biyar ɗin ma ba a sa masa hannu a kan lokaci ba. Cikakkiyar amsa tana warwatse a wuri uku, tsakanin na farko da na ƙarshe kusan minti 48. Duka ukun za ka rubuta a gida na huɗu.

Sai gida na biyar, matsayin amsa. Kalma huɗu sun ishe ka: cikakkiya, an gyara, saɓani, ba a amsa ba. "An gyara" ita ce irin wadda muka gani yanzu, inda maganar baya ta ƙara wa ta farko sharaɗi, kuma mai maganar ya faɗi da bakinsa cewa gyara yake yi. "Saɓani" wani abu ne daban. A ce a kan ranakun hutun ƙasa da suka faɗo a cikin hutun mutum, shugabar ta ce ba a lissafa su, mataimakin kuma can gaba ya ce ana lissafawa, kuma babu wanda ya lura. Kada ka zaɓi ta wanda ya fi muƙami, kada kuma ka ce ta ƙarshe ta shafe ta farko. Babban ma yana iya yin tuntuɓen harshe, ƙaramin kuma wataƙila shi ke riƙe da takardun. Ka sa "saɓani", ka ajiye domin mai amincewa.

"Ba a amsa ba" tana da fuska biyu. Akwai ta fili, inda aka ce "zan bincika in sanar da ku". Akwai kuma ta ɓoye, inda mai amsawa ya yi magana ta minti uku a kan muhimmancin hutu ga lafiyar ma'aikaci ba tare da ya ce eh ko a'a ba. Yadda za ka gane ta: ka rufe rubutun ka gwada faɗin amsar a jimla ɗaya. Idan ka kasa, ko ka ji kana cike gurbi da abin da kake zato, to ba a amsa ba. Kada ka cike gurbin da saninka ko da kana da tabbaci. Mai karatu zai ɗauki duk abin da ke takardar a matsayin maganar hukuma, ba taka ba.

A ƙarshen wannan mataki, a ce cikin jigo 14, sha ɗaya suna da amsa, biyu suna jiran bayani, ɗaya kuma an cire shi domin ya shafi zaman kansa.

Komawa ga murya

Kafin ka fara rubuta takardar, ka saurari wasu wurare da kunnenka. Ba sai ka sake sauraron komai ba. Ka nemi duk inda amsa ke ɗauke da lamba, kwanan wata, sunan fom ko ofis, ko korewa. Waɗannan ne kurakuran da ba sa nuna kansu, domin jimlar tana karantuwa lafiya lau ko da an ɓata ta. Idan kana amfani da manhajar kunna sauti da bidiyo ta VLC a kwamfuta mai Windows, Ctrl+T zai ba ka damar tsallakawa zuwa daidai lokacin da kake so, Shift da kibiyar hagu kuma zai mayar da kai baya da daƙiƙa uku, ka yi ta maimaita gaɓar har ta fita.

Ga misali. Rubutun ya ce a minti 22: "Sai ka miƙa fom kwana huɗu kafin ranar da kake so ka fara hutu." Babu abin da ke nuna matsala a jimlar. Amma da ka jera layuka biyar na wa'adin nema kusa da juna, sai ka ga a minti 45 an ce "mako biyun nan da muka ce". Mako biyu ba kwana huɗu ba ne. Da ka koma ga muryar, sai ka ji "kwana sha huɗu" ta ce, wani ya yi tari a kan "sha". Haka korewa take ɓacewa. "Ba za a biya kuɗin hutun da ba a ci ba" idan farkonta ya shige cikin hayaniya, sai ta koma "za a biya", ma'ana ta juye gaba ɗaya. Duk wurin da ka tabbatar da kunnenka, ka sa masa alama a jadawali don kada ka maimaita aiki.

Rubuta takardar

Tambaya dai ka rubuta ta da bakin mai tambaya, a gajarce, da kalmomin da mutane suka yi amfani da su a zaman. Idan mutum shida sun ce "ragowar hutu", kada ka rubuta "tsarin ɗage haƙƙin hutu" don kawai haka takardun ofis suke kiransa. Mai karatu yana zuwa ne da kalmarsa a kai yana neman ta da ido. Idan bai gan ta ba, sai ya ɗauka babu tambayarsa. Cikin siffofi shida da aka yi tambayar da su, ka zaɓi wadda ta fi faɗi, ka goge mata gaisuwa da labari.

Amsa kuma jimlarta ta farko ita ce amsar kanta: eh, a'a, kwana nawa, wane ofis. Sharuɗɗa su biyo baya nan take, dalili in akwai bukata ya zo ƙarshe. A baki mutane sukan fara da dalili su ƙare da hukunci, kai kuma juya shi za ka yi. Ga yadda jigonmu zai fito:

Me zai faru da ragowar hutuna idan shekara ta ƙare ban cinye ba?

Za ka iya ɗage har kwana 5 zuwa shekara mai zuwa, ba fiye da haka ba. Sai shugaban sashenka ya sa hannu kafin ƙarshen Disamba, kuma sai ka cinye kwanakin kafin ƙarshen Maris.

Ka lura iyakar kwana biyar ta shiga jimlar farko. Da gangan ne. Mutane da yawa layin farko kawai suke karantawa, saboda haka duk sharaɗin da ke sauya ma'anar "eh" bai kamata ya jira jimla ta uku ba. Ka kuma lura da abin da ba a rubuta ba. Ba a ce kwanakin da suka haura biyar sun ɓace ba, ko da yake haka hankali zai ɗauka, domin babu wanda ya faɗi haka a zaman. Wataƙila ana biyan kuɗinsu, wataƙila akwai keɓancewa. Wannan tambaya ce da za ka kai wa mai amincewa.

Wajen goge surutu, ka cire "wato", "ka gane", "to", maimaici da barkwanci. Amma akwai ƙananan kalmomi masu kama da surutu waɗanda ba surutu ba ne: "galibi", "a yanzu dai", "sai in", "muna sa ran". Idan shugabar ta ce "galibi muna ba da amsa cikin kwana uku", kai kuma ka rubuta "za a ba ka amsa cikin kwana uku", ka mayar da al'ada ta zama alkawari, kuma ranar da aka kai kwana biyar takardarka za a ɗago a nuna. Haka nan kalmomin lokaci: "mako mai zuwa", "gobe", "bana" suna da ma'ana ne a ranar zaman kawai. Ka mayar da su cikakken kwanan wata, ka sa mai amincewa ya tabbatar. "Wancan fom ɗin da na nuna muku" shi ma ka nemo ainihin sunansa, tunda mai karatu bai ga allon ba. Kowace amsa ta tsaya da ƙafarta, kada ka rubuta "kamar yadda aka faɗa a sama", domin ba daga sama kowa ke farawa ba.

Jeri kuma kada ya bi yadda aka yi tambayoyin a zaman, wannan ya danganta ne da wanda ya fara ɗaga hannu. Ka bi yadda mai karatu zai ci karo da al'amarin: wa ya cancanci hutu, yadda ake nema, wa'adi, sa hannu, raba hutu, sannan ragowa. Tambaya sha ɗaya ba ta bukatar rukuni-rukuni. Idan sun haura ashirin, ka raba su ƙarƙashin ƙananan kanu. Alamun lokaci ba sa shiga takardar da za a raba, suna zama a jadawalinka.

Amincewa da gwaji

A ce shugabar ce mai amincewa. Kada ka tura mata takardar kawai ka ce ta duba. Mai aiki da yawa zai leƙa ya ce ya yi, saɓanin da ka gano kuma ya zauna yadda yake. Ka tura mata takardar tare da tambayoyi ƙayyadaddu, kowacce da alamar lokacinta: "Ranki ya daɗe, a kan ranakun hutun ƙasa, a minti 27 kin ce ba a lissafa su, a minti 51 mataimakinki ya ce ana lissafawa. Wanne za a rubuta?" Sai ta biyu: "A minti 33 an ce za a bincika batun ma'aikatan wucin gadi. An sami amsa?" Sai ta uku a kan kwanakin da suka haura biyar. Ka nemi amsar a rubuce, ka ajiye ta tare da jadawalin.

Wani lokaci mai amincewa zai sauya amsar da kowa ya ji a zaman, ya ce ai kuskure ya yi. Yana da ikon haka, amma ka nemi a rubuta a ƙarƙashin amsar cewa wannan gyara ne ga abin da aka faɗa a zaman. In ba haka ba, waɗanda suka halarta za su riƙe abin da kunnensu ya ji, su ce takardar ce ta yi kuskure. Idan kuma lokacin raba takarda ya yi, ɗaya daga cikin masu jiran bayani ba ta samu amsa ba, kada ka ɓoye ta. Ka sa ta a ƙasa, ka rubuta cewa ana jiran bayani, da ofishin da za a tuntuɓa.

Gwaji na ƙarshe: ka ba wanda bai halarci zaman ba takardar, ka ba shi hali na gaske, ba tambayar "ka gane?" ba. Ka ce masa, "Kana da ragowar kwana takwas, yau 10 ga Disamba, me za ka yi?" Idan ya ce zai nemi sa hannun shugabansa kafin wata ya ƙare, ya ɗage biyar, ya cinye su kafin ƙarshen Maris, amsar ta yi aiki. Idan ya tsaya yana juya takardar, ka lura da inda idonsa ya fara zuwa da kalmar da yake nema, ka gyara tambayar ta dace da ita. A saman takardar ka rubuta ranar da aka yi zaman da ranar da aka amince da amsoshin, sannan ka ajiye muryar da asalin rubutun da jadawalin a wuri ɗaya, inda wanda zai sabunta takardar idan ƙa'ida ta sauya zai same su.